Fitilar bayan talabijin: tana aiki, in an rage mata ƙarfi

Siririyar igiya ce mai ƙananan ƙwayayen LED, bayanta da gam, ana liƙa ta a bayan talabijin don ta haska bango. Tawa daga ramin USB na talabijin ɗin take shan wuta, kuma ta zo da ɗan maɓallin rage haske. A ganina wannan maɓallin shi ne rabin amfaninta.

In ana kallo a ɗaki mai duhu, ƙwayar ido takan buɗe, da hoto mai haske ya faɗo sai ta tsuke, haka za ta yi ta yi har a tashi. Hasken bangon yana rage tazarar da ke tsakanin allo da kewayensa. Tun da na sa ta, raɗaɗin da nake ji a ido bayan dogon kallon dare ya ragu sosai.

Abin da ya fi burge ni shi ne launin baƙi. Talabijin ɗina LCD ne, a cikin duhu baƙinsa toka-toka yake fitowa, domin fitilar cikinsa ba ta mutuwa. Da bango ya ɗan yi haske, sai tokar ta koma baƙi a ido. Allon bai canza ba ko kaɗan, ido ne ke auna shi da abin da ke gefensa. Mai talabijin irin na OLED ba zai ga wannan bambancin sosai ba, tunda baƙinsa dama baƙi ne.

Amma yadda ta fito daga kwali, haskenta ya yi yawa. Ƙa'idar da masu tace launin bidiyo suka saba bi ita ce kada hasken bango ya wuce kashi 10 cikin 100 na farin allo mafi ƙarfi. Ba sai da na'ura ba: na buɗe farin hoto, na yi ta ragewa har bangon ya koma dishi-dishi kusa da shi. In ido na komawa kan bango, ko abubuwan da ke cikin inuwa a hoto suna ɓacewa, to ya yi yawa.

Launi ma ba na wasa ba ne. Farin bidiyo 6500K ne a ma'aunin launin haske, wato fari irin na hasken rana, shi ya kamata fitilar ta bayar. Mai ɗorawa-ɗorawa takan sa hoto ya yi kamar shuɗi-shuɗi, masu sauya launi kuwa ado ne kawai. Bango mai fenti kore ko ja shi ma zai rina hasken, komai kyan fitilar.

Aibinta biyu. Gam ɗin ya saki a kusurwar da talabijin ke fitar da zafi, sai da na ƙara salatif. Sannan in na rage ta can ƙasa tana ƙyaftawa, abin da na tabbatar da kyamarar waya. Don haka nake barinta mataki ɗaya sama da nan.