Asubar Iya, darena a Kalgari

Assalamu alaikum 'yan gida. Da yawanku kun sha tambayata yadda rayuwa take a nan Kanada, me ke da tsada, me ke da araha. Na ga hanyar da ta fi sauƙi ita ce in ba ku labarin wayar da muke yi da kakata duk mako, don kusan duk bambancin da na lura da shi a cikin wannan wayar yake fitowa.

Iya tana wani ƙauye a ƙasar Ringim, ni kuma ina Kalgari a lardin Albata. Sunan marigayi mijinta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba, Maigida take ce mini. Wayarta 'yar ƙarama ce mai madannai, wadda amfaninta biyu, amsa kira da haska tocila. In ana son a ga fuska sai da babbar wayar Auta, ɗan kawuna. Ranar Lahadi Auta yake zuwa kasuwar Gujungu, can yake ba mai caji wayar ta cika, ya sayi data, ya dawo da ita a kashe don kada yara su cinye cajin da kallo. Shi ya sa muka tsayar da asubar Litinin. Ta idar da salla, ta yi lazimi, ƙarfe shida saura kwata ta fito tsakar gida ta zauna a kan turmin da aka kifa kusa da rumbu, don nan ne kaɗai sabis yake tsayawa. Da asuba kuma mutane ba su tashi sun yi wa layin yawa ba, murya takan fita tas.

A lokacin ni ina daren Lahadi ne, ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata, na dawo daga aiki ina shirin kwanciya. Awa bakwai ke tsakaninmu. Iya ta daɗe ba ta yarda ba. A watan Yuni na taɓa ce mata rana ba ta faɗuwa a nan sai wajen ƙarfe goma na dare, ta ce, "Maigida, ka je ƙasar mutane ka koyo ƙarya." Sai da na haska mata taga ta ga sauran jan gari a sama.

To ranar 5 ga Nuwamba 2023 aka yi abin da har yau take yi mini gori a kai. A lokacin suna da wata al'ada ta juya agogo a nan: Lahadin farko ta Nuwamba a mayar da shi baya da awa ɗaya, Lahadi ta biyu ta Maris a tura shi gaba. Ba wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa ya faɗa maka, wayarka da kanta take gyarawa da ƙarfe biyun dare kana barci. Najeriya ba ta taɓa agogonta. Ni kuwa na duba waya na ga sha ɗaya saura kwata, na danna kira kamar kullum, ashe a gida bakwai saura kwata ce. Tazarar ta koma awa takwas ban sani ba.

Auta ne ya ɗauka, ina jin kukan awaki da ƙarar tsintsiya. Ya ce, "Yaya, lafiya kuwa? Tun ɗazu Iya take zaune a kan turmi, ta ƙi shiga ɗaki." Sanyin hunturu ya fara sauka, ta lulluɓa da mayafi biyu, ta hana shi kashe wayar, ta hana shi tafiya gona ana tsakar aikin kaka. Duk bayan 'yan mintuna sai ta sa shi ya duba ko layin ne ya gudu. Da ta karɓa ba ta amsa sallamata da kyau ba ta ce, "Ka yi mini kishiya ne a can? Faɗa mini gaskiya in haɗa kayana." Na yi ta rantsuwa cewa agogo aka juya. Ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa jin inda sarki ya hana rana fitowa a kan lokacinta ba. Caji ya rage kaɗan, mintuna shida muka yi wayar ta mutu.

Tun ranar na daina dogara da agogon nan. Na sa agogon Kano a fuskar wayata kusa da na Kalgari, shi nake kallo. Duk wanda yake da ɗan'uwa a Amurka ko Kanada ko Ingila ya riƙe wannan: in kira ya makara da awa ɗaya cif a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, ko ya shigo da wuri da awa ɗaya a Maris, ba fushi ba ne, ba kuma layi ba ne. Na Ingila ma ranakunsu dabam ne, Lahadin ƙarshe ta Oktoba da ta ƙarshen Maris.

Na kuma koyi dabara ta biyu. In data ta ƙare ko babbar waya ba caji, akwai manhajojin da ake zuba musu kuɗi a kira lambar gida kai tsaye. Sai ka fara da +234 ka cire sifilin farko na lambar, ya shiga 'yar ƙaramar wayar Iya, ita ba ta biyan ko kwabo. Ba za a ga fuska ba, amma wannan 'yar wayar takan yi kwana uku ba a caja ta ba. Ko a WhatsApp ɗin ma yanzu murya muke fara yi, sai a ƙarshe Auta ya buɗe hoto na minti biyu ta ga ko na rame, don bidiyo yana zuƙe data da caji ninkin-ba-ninkin abin da murya take ci.

Kuɗin waya a nan ba irin namu ba ne na sayen kati na ɗari biyu in ka samu. Biyan wata ake yi, ka yi magana ko ba ka yi ba. Nawa dala 45 ne, kuma sai an ɗora harajin kashi biyar cikin ɗari, ya zama 47.25. Haka suke yi a yawancin kaya, farashin da ka gani a rubuce ba shi za ka biya ba sai ka je gaban mai karɓar kuɗi, in ban da ɗanyen kayan abinci da ba a ɗora musu. Mafi ƙarancin albashi a lardin nan dala 15 ne a awa, ka ga aikin sama da awa uku ke nan yake tafiya a layi kaɗai. Ba ciniki, ba "rage mini", ba bashi sai ranar kasuwa. Abin da ka samu a madadin haka shi ne layin ba ya yankewa, ko a cikin ɗaki ko a jirgin ƙasa na cikin gari. Wuta kuwa tun da na zo ban taɓa tunanin inda zan yi caji ba. Sau ɗaya na ga hankalinsu ya tashi, daren 13 ga Janairu 2024, da sanyi ya wuce digiri 30 ƙasa da sifili. Saƙon gaggawa ya shigo wayoyin mutane da wata ƙara mai firgitarwa, ana roƙon a rage amfani da lantarki kada a kai ga ɗaukewa. Da na ba Iya labari ta yi dariya har da tari, ta ce, "Wato har sallama wutar taku take yi kafin ta tafi?"

Inda muka fi su shi ne aikin hannu. Gilashin wayata ya taɓa fashewa, kuɗin da aka yanka mini a shagon gyara ya kusa rabin kuɗin sabuwa, kuma aka ce in dawo bayan kwana biyu. A Fam Santa ta Kano kana tsaye yaro zai canza maka shi kuna hira. Aski ma haka, har sai da na sayi injin nake yi wa kaina a banɗaki.

Amma tambayar Iya ta kowane mako ɗaya ce: "Me ka ci?" A nan ne na fi shan wahala da farko, don ban san sunayen kayanmu a bakin wasu ba. Wata huɗu ina neman gero. Manyan kantuna ba su da irin namu, wanda na tarar wani iri ne mai ruwan ɗorawa, in ka dama shi ba ƙamshi ba kauri. Wani abokin aikina Ba'indiye ne ya ga hoton zangarniya a wayata ya ce ai wannan shi ne bajra. Ya kai ni shagunansu a arewa maso gabashin gari, sai ga garin gero a leda, launinsa toka-toka irin na gida. A shagon na sami tsamiya, su imli suke ce mata, da citta da kanumfari. Zogale kuma 'yan Filifin ne suke cin sa, suna sayar da ganyen a daskare da sunan malunggay. Kuka da daddawa sai shagon 'yan Afirka, a 'yar roba da ba ta kai cikin tafin hannu ba, da kuɗin da in na faɗa wa Iya za ta ce an yi mini sata.

Fura ce ta gagare ni. Nonon da Fulani suke kawo wa Iya a ƙwarya ba za ka same shi a nan ba, doka ta hana sayar da madarar da ba a dafa ta a masana'anta ba. Yogot marar sukari nake sirkawa da ruwa ya tsaya a matsayin kindirmo. Garin geron kuma na inji ne, an niƙa shi laushi ƙwarai, ba a surfa shi an wanke an jiƙa yadda ake yi a gida ba. Karo na farko da na cura na jefa a tafasasshen ruwa, sai curin ya narke ya zama kunu. Iya ta sa na nuna mata tukunyar a waya, ta ce ruwan kwaɓin ya yi yawa, kuma na jefa tun ruwa bai tafasa sosai ba. Ta ce in kwaɓa da tauri, in bari ya dahu har ciki, sannan in kirɓa da zafinsa. Na ce ba ni da turmi, kuma in na yi daka da dare maƙwabcin ƙasa zai kira 'yan sanda. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Gari ba turmi? To Allah Ya fito da kai lafiya." Yanzu da injin markaɗe nake yi. Tana shayuwa, amma ba zan kawo wa baƙo ba. Ta so aiko mini da kilishi ta hannun wani mai zuwa, na hana, don a filin jirgi sai ka bayyana duk abincin da ka shigo da shi, nama kuma karɓewa suke yi.

Da Maris ta zo ban yarda an sake yi mini ba. Ranar 10 ga wata aka tura agogo gaba, tazara ta dawo awa bakwai, kuma a daren aka fara asham, washegari Litinin ɗaya ga Ramadan. Na fito daga masallaci wajen ƙarfe goma, ƙanƙara tana ƙara a ƙarƙashin takalmina, na lissafa biyar na asuba ke nan a gida. Na kira 'yar ƙaramar wayar. Bugu ɗaya ta ɗauka, ina jin ludayi yana bugun ƙwarya.

"Maigida, yau kai ka riga ladan. Mu muna sahur. Kai fa?"

"Iya, ni ko barcin ban yi ba tukuna, nawa sahur ɗin sai nan da awa bakwai."

"To ka jiƙa tsamiyarka tun yanzu. Ajiye wayar, furata tana jirana, kada a kira salla ban sha ba."