Ɗinkin da ya zo mini daga Kano, da kwana huɗun da ya yi a tasha

Shekarata tara a Agege, kuma har yau ban samu telan da zai ɗinka mini doguwar riga yadda muke so a gida ba. Telolin nan sun iya aiki, ba na raina su, amma hannunsu ya saba da ɗinki mai kama jiki. Ki ce a sake miki, a ce to, ki je karɓa ki tarar da riga kamar an ɗinka ta a jikinki kina barci. Shi ya sa da ƙanwar mijina ta turo mini shafin wata tela a Kano, ta ce sai yanzu matar ta yarda 'yarta ta buɗe mata Instagram bayan shekara da shekaru tana ɗinki a shagon ƙofar gida, ban yi wata-wata ba. Hotuna goma sha wani abu ne kawai a shafin, wasu ma an ɗauke su da duhu, amma na ga yadda ta haɗa zanen atamfa a tsakiyar gaba, fure ya haɗu da fure ba karkata. Wannan kaɗai ya ishe ni.

Da na yi mata magana ta WhatsApp sai ta kira ni da kanta. Muryar babbar mace ce. Ta ce, "'Yata, da gaske daga Legas kike? Ni fa mafi nisan wadda na taɓa yi wa ɗinki a Wudil take." Ashe ni ce ta farko. Na ji daɗi, na kuma ji tsoro, don biki saura mako uku.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne maganar awo. Na ɗauki tef na auna kaina a gaban madubi na tura mata: ƙirji inci 38, kafaɗa 18, tsayi 54, da sauransu. Ko minti goma ba a yi ba ta kira. Ta ce, "Wa ya auna ki?" Na ce ni. Ta yi dariya ta ce ai ta sani, domin mace mai ƙirji 38 da wuya kafaɗarta ta kai 18, sai dai in tef ɗin ya gangaro kan dantse. Raina ya ɗan sosu, don ina ganin na yi da kyau. Sai ta ce in ɗauko rigar da ta fi zauna mini a jiki, in shimfiɗa ta a kan gado, in auna daga hammata zuwa hammata. Na samu 21. Ta ce in ninka biyu, 42 ke nan. Ta ce rigar da nake jin daɗinta faɗinta 42 ne, to da ta yanka a kan 38 ko da ɗan ƙarin da take yi, numfashi ma sai na nemi izini.

Ba ta tsaya nan ba. Ta sa na kira maƙwabciyata, muka yi kiran bidiyo, 'yar telar na riƙe mata waya, ita kuma tana ba da umarni kamar malamar makaranta. Kar in riƙe numfashi, kar in ɗaga kafaɗa, a sa yatsa ɗaya tsakanin tef da jiki. Kafaɗa daga ƙashin nan zuwa ƙashin can ta baya, ba ta gaba ba. Ƙirji ya fito 40, ashe da na ja tef ɗin ne da ƙarfi saboda son zuciya. Kafaɗa 15 da rabi. Tsayi kuwa 57, ba 54 ba, don duk wadda ta auna tsayinta da kanta sai ta sunkuya ta duba lamba, kuma sunkuyon nan shi ke cinye inci biyu ko uku. Ta kuma tambayi takalmin da zan sa ranar, ta ce in saka shi a sake aunawa. Har gefen tef ta sa na nuna mata a kyamara, wai kar in karanta mata santimita a wani wuri inci a wani. A shekara tara ba telan da ya taɓa tambayata takalmi.

Atamfar ita ta sayo a Kantin Kwari, turmi ɗaya, yadi shida. A hoto na ga shuɗi mai duhu, da ya zo ya fi karkata zuwa kore. Ban ce yaudara ba ce, a cikin shago aka ɗauki hoton a ƙarƙashin fitila, amma da ta fita da ita rana kafin ta ɗauka da na zaɓi wata. Mayafin da na saya a nan don in haɗa bai shiga ba.

To, a nan yabona ya tsaya na ɗan lokaci. Ta gama ɗinki a kwana tara, kamar yadda ta yi alkawari, ta kai tasha ta ba wani direba mai zuwa Legas. Ba ta karɓi lambarsa ba. Ba ta rubuta lambar mota ba. Sunana da lambar wayata ta rubuta da biro a jikin leda, kuma kowa ya san abin da biro ke yi a kan leda idan kaya suka yi tafiyar fiye da kilomita dubu suna gogar juna. Kwana biyu shiru. Na kira ta, ta ce, "In sha Allahu zai kira ki, mutumin kirki ne, na ga fuskarsa." Fuska! Ranar na yi faɗa, kuma har yanzu in na tuna sai in ji abin ya taso. Sau biyu ina shiga danfo cikin ruwan sama da cunkoso ina bin tashoshin motocin Arewa, ina tambayar baƙar leda daga Kano, kamar leda ɗaya ce ta taɓa barin Kano. A rana ta huɗu wani ɗan kamasho ya tono ta a ƙarƙashin benci, lambobi uku na ƙarshe ne kawai suka rage ana gani. Sai da na biya kuɗin ajiya, bayan an riga an biya kuɗin mota tun can.

Na dawo gida da niyyar ba ni ba ita. Sai na zura rigar. Kafaɗa ta zauna daram, hannu ya tsaya daidai wuyan hannu, ƙasa na shafar takalmi ba ya jan ƙasa. Na juya cikinta na ga ta bar rarar yadi kusan inci ɗaya da rabi kowane gefe, ta yi mini alama da farin zare inda za a farke in ta matse. Shafin ciki ma na auduga ta sa, ta ce 'yarta ta gaya mata zufar Legas ba irin ta Kano ba ce, ba ta bushewa. Ragowar yadin ta naɗe ta sako, har da ƙyallayen da bai kai a yi komai da su ba.

A wurin biki mata uku suka karɓi lambarta. Na ba su, amma na ce kowacce ta nace sai an rubuta suna a takarda an sa cikin ledar, an manna wata a waje, kuma a turo hoton mota da lambar direba kafin ta tashi. Ita ma na gaya mata haka. Ta ba ni haƙuri, ta ce ba ta taɓa aika kaya nesa haka ba, ta ɗauka kamar saƙon Wudil ne. Na haƙura, amma kuɗin ajiyar nan da na mayafi ba ta ce komai a kansu ba, ni ma ban tayar ba. Leshi yadi biyar na nan na ajiye don Sallah, ban yanke shawara ba tukuna ko in jira mai tafiya Kano in ba shi hannu da hannu.