Hukuncin kotu da ayar gado: wanne ake taƙaitawa?

A Katsina, idan aka kawo wa malami rabon gado, takarda biyu kan zo gabansa: hukuncin alƙali mai shafi da yawa, da ayoyin gado na Suratun Nisa'i. Hukuncin yana karɓar almakashi. Gardamar magada, bayanin shaidu, ɗage zaman da aka yi, duk za su shiga layi biyar, in dai an bar sunayen magada da umarnin ƙarshe yadda alƙali ya rubuta.

Aya ta 12 kuwa ba ta da rarar da za a yanke. Wani ya taƙaita ya ce mata tana cin tumuni. Ina sharaɗin? Tumuni sai in mamaci ya bar ɗa ko 'ya, in bai bari ba rubu'i ne. A gadon naira 800,000, tumuni 100,000 ne, rubu'i 200,000. An sauke 'yan kalmomi, an raba bazawara da rabin haƙƙinta, kuma abin yana ɓata mini rai. Haka "bayan wasiyya ko bashi": mai gaggawa ya ɗauka maimaici ne ya goge, alhali kafin a raba komai sai an fitar da su. Duk taƙaitawar da ka ga rabo babu "idan" a tare da shi, koma ka buɗe ayar.