Nozil 0.8 da bes mod: abin da na gani bayan wata ɗaya ina buga gwangwanaye

Wata ɗaya kenan da na cire nozil ɗin 0.4 da ya zo da firinta ta ta 3D na ɗaura mai ramin milimita 0.8 na tagulla, kuma ba don komai na saye shi ba sai don bes mod, wato salon nan da firinta ke buga bango ɗaya tak tana hawa sama kamar zaren noti, ba ta tsayawa ta canza leya, kan yana zagayawa yana ɗagawa kaɗan kaɗan har ya kai baki. A PrusaSlicer sunansa `Spiral vase`, a Cura kuma `Spiralize Outer Contour` yake. Da ka kunna shi silaisa, wato manhajar da ke shirya wa firinta aikin bugu, zai maida bango ya zama ɗaya, ya cire cikon ciki, ya cire rufin sama, gindi kawai zai bari. Daɗinsa ba ka ganin wannan tabon ɗinki da ke bin gefen kaya daga ƙasa zuwa sama, kuma yana da sauri. Matsalarsa ɗaya ce kuma babba, ƙarfin kayan gaba ɗaya ya rataya ne a kan layi ɗaya, in layin siriri ne to gwangwaninka kamar ledar da aka hura zai zama.

Abin da na yi gwaji da shi duk tsawon watan guda ɗaya ne, gwangwani mai faɗin milimita 80 da tsayin milimita 120, na zuba sukurori da noti. Da gangan ban canza fasalin ba saboda in iya kwatantawa.

Na farko da tsohon nozil 0.4, faɗin layi 0.45, kaurin leya 0.2, gudu milimita 40 a sakan, robar PLA. Ya fito fes wlh, santsi kamar ba firinta ta yi ba, wajen awa ɗaya ya ɗauka. Amma da yatsa biyu nake matse shi ya lotsa, da na cika shi da sukurori na ɗaga ta baki sai bakin ya koma kamar ƙwai. Don ado ya yi, don aiki bai yi ba.

Abin da ya sa na yanke shawarar sayen babban nozil shi ne, ƙarfin bango wajen lanƙwasa ba daidai da kaurinsa yake ƙaruwa ba, yana tafiya ne da kaurin sau kansa sau kansa. In ka ninka kauri biyu, daga 0.45 zuwa 0.9, taurin ba biyu zai ninka ba, kusan takwas ne. Shi ya sa bambancin rabin milimita a hannu kake jin kamar wani kaya ne daban.

To na ɗaura 0.8, na gaya wa silaisa sabon girman nozil, na sa faɗin layi 1.0, leya 0.4, sai na bar gudu a 40 yadda yake tunda ban ga dalilin taɓa shi ba. Nan na sha mamaki. Gindin ya ɗan tafi lafiya, da aka fara hawa bango sai na fara jin ƙas ƙas daga ekstiruda, giyar da ke tura filamen tana zamewa tana cin robar, bangon da ya kamata ya yi sheƙi ya fito dusu-dusu, wasu wuraren har kana hango haske ta tsakanin layuka. Na sa kalifa na auna, inda na nemi 1.0 sai na samu wajen 0.85, kuma ba ko'ina ɗaya ba. Da na matse shi sai ya tsage a kwance ta bin layi. Na fara zagin nozil ɗin a raina nace na sayi jabu.

Ashe laifina ne. Abin da ke da iyaka ba ramin nozil ba ne, yawan robar da hita zai iya narkarwa a sakan ɗaya ne, kuma lissafinsa mai sauƙi ne:

```
faɗi × kauri × gudu = mm³/s
0.45 × 0.2 × 40 = 3.6
1.0  × 0.4 × 40 = 16
```

Ka gani, gudu ɗaya amma robar da nake nema ta haura ninki huɗu. Kan firinta irin na gargajiya mai gajeren wurin narkarwa yana ƙarewa ne wajen 11 zuwa 15 da PLA, ni kuma ina ce masa ya ba ni 16. Robar tana isowa bakin nozil ba ta gama narkewa ba, shi ya sa ba ta sheƙi, ba ta kama ta ƙasa da kyau, kuma giya ke zamewa. Na sauke gudu zuwa 25, lissafi ya dawo 10, na ƙara zafi daga 205 zuwa 215, shikenan ƙarar ta ɗauke. In silaisanka yana da `Max volumetric speed` sa masa iyaka a can ka huta, shi da kansa zai rage gudun.

Wannan bugun na biyu shi ne ya sa na yafe wa nozil ɗin. Gwangwanin ya fito da tauri, ina matsawa da hannu yana ɗan motsi ya dawo, na cika shi da ƙarfe na ɗaga ta baki ko gezau. Lokaci kuma wajen minti 50 a bango, tunda leya 300 ne maimakon 600, duk da gudun ya ragu. Amma kar a ruɗe ka da maganar wai babban nozil yana rage lokaci sosai, a bes mod ragin kaɗan ne matuƙar hitanka ne ke riƙe ka. Abin da ka samu shi ne ƙarfi, kuma da roba ka biya, bangon farko wajen giram 17 ne, wannan ya kai wajen 37.

Yanzu maganar fulo, wato yawan robar da firinta ke turowa, don nan ne na ga mutane da yawa suna rikicewa, ni ma na rikice. Akwai masu cewa ba sai ka canza nozil ba, kawai ka ɗaga `Flow` zuwa 150% ko fiye bango zai yi kauri. Gaskiya ne zai yi kauri, na gwada, tunda bango ɗaya ne ba shi da maƙwabci robar tana bajewa hagu da dama. Sai dai silaisa bai san ka yi haka ba, a lissafinsa layin yana nan 0.45, don haka gindin da layukansa ke manne da juna sai ya cika ya tumbatsa, nozil yana ta noma a cikin roba yana barin kunya-kunya, sannan faɗin gwangwanin ta waje ya ƙaru, murfin da na auna masa ya ƙi shiga. Hanyar da ta fi ita ce ka bar fulo inda yake ka ƙara faɗin layi a saiti, a PrusaSlicer wurin `External perimeters` ƙarƙashin `Extrusion width`, sai silaisa ya yi lissafin da kansa ya matsar da layin ciki yadda girman waje ba zai canza ba.

Fulo aikinsa gyaran ƴan kaɗan ne, kuma bes mod ya fi komai daɗin auna shi. Ka buga, ka auna bangon da kalifa a wurare huɗu ko biyar kusa da baki, ka ɗauki matsakaici. Bayan na gyara gudu na nemi 1.0 na samu 1.05, sai na raba 1.0 da 1.05 ya ba ni kusan 95%, na sa haka. Abu ɗaya dai, kar ka cusa kalifa can ƙasa ka haɗa layuka da yawa, tunda layukan ba sa hawa kan juna cif-cif kullum za ta nuna maka fiye da gaskiya, kuma a bango mai zagaye bakin kalifa kawai za ka sa. Sannan in ka ga awo ya yi ƙasa sosai kamar 0.85 ɗina na farko, kar ka ce bari in ƙara fulo, matsalar narkewa ce, ƙara fulo ƙara wa giya wahala ne kawai.

Daga baya son sani ya sa na mayar da 0.4 na sa masa faɗi 0.8, leya 0.25, gudu 30. Abin haushi ya yi kyau sosai. Bakin nozil yana da ɗan fili shafaffe kewaye da ramin, shi ke danne robar ya baje ta, don haka har ninki biyu na girman rami yana iya kaiwa kafin robar ta fara tasowa ta gefe bango ya yi kaushi. Ya ɗauki sama da awa kaɗan, taurinsa bai kai na 1.0 ba amma ya wuce na farko nesa ba kusa ba, kuma layukan sun fi laushi a ido. Da na san haka tun farko ƙila da ban yi gaggawar saye ba.

Inda 0.8 ya nuna shi babba ne shi ne wurin da bango ke buɗewa waje da kuma riƙe ruwa. In bango ya karkata digiri 45, kowace leya tana matsawa waje daidai da kaurinta. Leya 0.3 a layi mai faɗi 0.45, abin da ya rage yana zaune kan ta ƙasa 0.15 ne kawai, shi ya sa kake ganin huji a kafaɗar tulu. Leyar nan dai a layi mai faɗi 1.0, 0.7 ne ke zaune, ba ruwanka. Don haka dabarar ita ce layi mai faɗi, leya ba mai kauri sosai ba. Na ruwa kuma da robar PETG na yi, faɗi 1.0, leya 0.3, na rage fanka zuwa wajen kashi 30 don layuka su narke cikin juna. Na farko ya yi yoyo, ba ta bango ba, ta inda gindi ya haɗu da bango, leya 3 na sa a gindi. Na mai da shi 5, na zuba ruwa na ɗora kan takarda ya kwana, da safe takarda a bushe.

Abin da ban so ba game da nozil ɗin, in ka gama bes mod ka koma buga ƙananan kaya masu rubutu ko ƙananan ramuka to ka manta, kusurwa duk sai ta zama zagaye, kuma yana dalala yana barin zare fiye da 0.4, canza nozil kuma sai da zafi za ka ɗaure shi, ga sake duba tsayin leyar farko kowane lokaci. A ƙaramin gwangwani ma yana ba da ciwon kai, layi mai kauri yana riƙe zafi, in zagaye ɗaya bai kai sakan 8 zuwa 10 ba na kan ga bangon yana laushi yana karkacewa, sai na ƙara rage gudu.

In kana buga gwangwani jefi-jefi ne, zauna da 0.4 ɗinka ka sa faɗi 0.7 ko 0.8. In kuma kullum aikinka kenan, ko kana son bango milimita 1 zuwa sama, 0.8 ya cancanta, ina ba shi huɗu cikin biyar. Nawa yana kan firinta yanzu haka, gwaji na gaba faɗi 1.4 zan sa, a leya 0.4 lissafi ya nuna sai na sauko gudu 18 kafin hitan nan nawa ya yarda.