Kafin ka sayi mangwaro ko lemu mai aure, duba mahaɗar tukuna

Yawancin mutane in sun je sayen dashe ganye kawai suke kallo, wanda ya fi yabanya shi za a ɗauka. Toh a mangwaro ganye na yaudara sosai, domin reshen da aka aura a kan gindin wani dashen yana da ɗan abincin da ya taho da shi daga jikin uwarsa, zai iya yin toho cikin sati 2 zuwa 3 alhali bai haɗe da na ƙasan ba, sai ka kai gida bayan kwana kaɗan ka ga tohon ya langaɓe ya bushe.

A ce an ajiye maka guda uku. Na farko yana da jajayen ganye masu taushi, ledar ɗaurin ma ba a kwance ba. Wannan bai nuna komai ba tukuna, ni dai ba zan biya ba sai dai in ce a ajiye min. Na biyu an kwance shi, ganyen farko ya ƙosa ya zama kore shar, kuma a bakin yankan akwai wani sabon nama da ya kumburo ya cike tsagar ta kowane gefe, kamar yadda miki ke cikowa in zai warke. Da farko fari-fari yake, daga baya ya koma ruwan ƙasa ya yi tauri. Wannan shi ne naka. Na uku kuwa ta gaba ya cike, amma in ka juya shi sai ka ga rami da baƙin layi ta baya, irinsa yakan rayu amma iska mai ƙarfi na iya ɓalle shi daidai wurin, ko da ragi aka yi maka ka barshi.

Lemu galibi ido ɗaya, wato ɗan ƙullin da toho ke fitowa daga gare shi, ake sakawa ƙarƙashin ɓawo, don haka launi za ka bi. Bayan kamar sati 3 in an kwance ledar, idon da ya kama zai kasance kore, a cike, ɓawonsa ya manne. Wanda ya koma ruwan ƙasa ko baƙi ya motse ya mutu, kar ka yarda a ce maka barci yake. Idon da ke barci kore ne, tsirowa ce kawai bai yi ba. In an bar guntun sandar ganye a jikin idon ka ɗan taɓa, in ya faɗi da kansa alama ce mai kyau, in ya bushe ya maƙale to akwai matsala.

Sannan ka bi tohon da yatsa ka ga daga ina ya fito. In daga ƙasan mahaɗar ne to na gindin da aka yi auren a kansa ne, ba irin da kake biya ba, kuma wannan ya fi faruwa a inda idon ya mutu. Ɗanko mai tsiyaya a mahaɗar lemu ko leda da ta nutse cikin ɓawo ta shaƙe shi, duk ka wuce su ka duba na gaba.