Mako uku ina farautar ƙugiyoyin haruffa da grep

Aikin da ya haɗa ni da grep shi ne daidaita rubutun wasu tsofaffin labarai na Hausa da aka tara a jaka guda a kwamfuta, fayil sama da ɗari uku, waɗanda mutane daban-daban suka buga cikin shekaru masu yawa. Wani ya rubuta ƙasa da ƙugiyarta, wani ya rubuta k'asa, wani kuma ya bar ta kasa kawai saboda allon madannansa ba shi da harafin. Na fara da buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya, amma kafin azahar na gane cewa haka ba za ta kai ni ba.

Manhajar grep tsohuwa ce, Ken Thompson ne ya rubuta ta don tsarin Unix a farkon shekarun 1970, kuma aikinta guda ne: ta karanta fayil layi-layi, ta fito da duk layin da ya dace da fasalin da aka ba ta. Umarnin da na fi dogara da shi shi ne wannan:

```
grep -rnE "(ƙ|k'|k’)asa" labarai/
```

Harafin `-r` yana sa ta shiga jakar da duk ƙananan jakunkunan da ke cikinta, `-n` yana nuna lambar layi, `-E` kuma yana ba baka biyu da sandar `|` ma'anar zaɓi, wato ko wannan ko wancan. Ban rubuta alamar ɗauri, wato 'yar alamar da ke bin k a k'asa, sau biyu a banza ba. Akwai miƙaƙƙiya wadda madannai ke bugawa, akwai kuma lanƙwasasshiya wadda manhajojin rubutu kan musanya da kansu, kuma ko da yake ido ba ya cika bambanta su, a wurin grep haruffa biyu ne da ba su haɗa komai ba. A binciken farko na sa miƙaƙƙiyar kaɗai, sakamakon ya yi kaɗan, sai da na buɗe wani fayil da na tabbata kalmar tana ciki sannan na gano inda matsalar take.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda na iya ganin girman aikin tun kafin in taɓa ko fayil ɗaya:

```
grep -rohiE "(ƙ|k['’]?)asa" labarai/ | sort | uniq -c
```

A nan `-o` yana fitar da guntun da ya dace kawai maimakon layin gaba ɗaya, `-h` yana ɓoye sunan fayil, `-i` yana haɗa manyan haruffa da ƙanana, alamar tambaya kuwa tana nufin ɗaurin yana iya kasancewa ko kada ya kasance. Bayan `sort` ya jera sakamakon, `uniq -c` kuma ya ƙirga shi, abin da ya fito shi ne gajeren jeri na kowane salon rubutu tare da adadin lokutan da ya bayyana.

Sai dai grep siffa take gani, ba ta san ma'ana ba. Kasa da ke cikin “ya kasa zuwa” daidai take, kuma wanda ya ɗora mata ƙugiya ya ɓata jimlar, don haka duk layin da ya fito da kasa marar ɗauri sai da na karanta shi da idona. Haka kuma fasalin yana kamo ƙasar da ƙasashe, har ma da kasada da kasafi, sai na ƙara `-w` idan cikakkiyar kalmar kaɗai nake so.

Inda na fi jin ciwo shi ne shirun da take yi. Wasu fayilolin na `.docx` ne, waɗanda a zahiri matsattsun ƙunshi ne, saboda haka rubutun cikinsu a rufe yake gare ta, kuma ba ta yi mini gargaɗi ba, ta wuce su ne kamar babu kalmar a ciki. Wasu kuma an adana su da tsarin `UTF-16`, su ma ba ta ga komai a cikinsu ba sai da na mayar da su `UTF-8` da `iconv`. Umarnin `file` ne ya riƙa gaya mini irin kowane fayil. Jimlar da ta karye tsakanin layi biyu ita ma takan kuɓuce, tunda layi-layi ake binciken.

A ganina, ga mai aiki da tarin fayilolin rubutu zalla, grep ta cancanci yinin da za a ɓatar wajen koyonta, ko da yake ba ta gyara komai, nunawa kawai take yi. Yanzu kafin in amince da kowane sabon fasali, nakan gwada shi a kan ƙaramin fayil da na rubuta da hannuna, mai ɗauke da duk salon rubutun kalmar, idan ya kamo su duka sannan in sake shi a kan jakar.