Kunnenki ba ya son fashon? Ga abin da za ki duba kafin ki sake sayen ɗan kunne

Mata da yawa sun san wannan abin, ki sa ɗan kunne ranar Asabar wajen biki lafiya lau, ki cire da daddare, sai ranar Litinin kunne ya fara ƙaiƙayi, wajen hujin ya yi ja ya kumbura, wani lokacin har ruwa-ruwa yana fitowa ya bushe ya yi ɓawo. Sai ki ji ana cewa ai jikinta gwal kawai yake so, ko kuma a ce ɗan kunnen ne ba shi da tsafta a goge shi da sifirit. Toh ba datti ba ne, yawanci wani ƙarfe ne da ake kira nikel, fari ne mai ƙyalli kuma yana da arha, shi ya sa masu ƙera kayan ado suke cusa shi ko'ina.

Yadda abin yake, gumi ne yake narkar da ɗan ƙaramin nikel daga jikin ƙarfen ya shiga fata, garkuwar jikin wasu sai ta ɗauke shi abokin gaba, wannan shi ake kira alaji. Kuma ba nan take yake nunawa ba, daga awa 12 zuwa kwana 2 ko 3 yake ɗauka, wannan jinkirin ne yake sa mutane ba sa gane me ya jawo. In ya tashi kuwa zai iya kai sati 2 zuwa 4 kafin ya lafa ko da kin cire. Abin haushin shi ne in jiki ya riga ya kama, ya kama kenan, babu maganin da zai cire shi, sai dai ki kauce wa ƙarfen. Kuma zafin Kaduna na watan Maris da Afrilu ga hijabi ya rufe kunne da wuya ana ta zufa a ciki, ai kinga dalilin da ɗan kunnen da bai dame ki ba lokacin hunturu sai ya tayar miki da hankali yanzu.

Kafin mu shiga kasuwa, ki bambance abu biyu. Zoben da ya bar miki kore ko baƙi a yatsa ba tare da ƙaiƙayi ba, wannan tagulla ce ta haɗu da gumi, sabulu zai wanke. Na nikel kuwa ƙaiƙayi ne da ƙananan ƙuraje daidai inda ƙarfen ya kwanta, za ki ga shatin sarƙa a wuya kamar an zana, ko da'ira a ƙasan agogo, maza ma suna samu a ƙasan cibiya wajen kan bel ko maɓallin wandon jins. In kuma huji ya yi zafi yana zogi da mugunya mai kauri, wannan ƙwayoyin cuta ne suka shiga, asibiti za a je.

Yanzu kayan da ke kasuwa. Ki shiga Kasuwar Sheikh Gumi layin masu sarƙoƙi, mafi yawan abin da ke ƙyalli a gilas fashon ne da GL, wato ƙarfe mai arha ne a ciki aka yi masa wankan gwal sama-sama. Matsalar ita ce sau da yawa kafin a zuba ruwan gwal ɗin sai an fara shimfiɗa nikel a ƙasa don ya yi santsi ya yi ƙyalli. Ruwan gwal ɗin kuwa siriri ne ƙwarai, turare da gumi da gogayya suna cinye shi, kuma inda yake fara koɗewa shi ne sandar da take shiga cikin hujin da maƙalin baya, daidai inda fata ta fi laushi. Shi ya sa za ki ji mace ta ce ai da yana min lafiya daga baya ne ya canza. Bai canza ba, rigarsa ce ta yage. Mai shago zai ce miki Hajiya wannan orijinal ne ba ya wankewa, ƙila ma gaskiyarsa kala ba ta saurin fita, amma shi kansa bai san me ke ƙarƙashi ba, a katan ya saro. Rubutun hypoallergenic a jikin kati ma, wato wai ba ya tayar da fata, kar ya ruɗe ki, kowa zai iya bugawa. Ƙasashen Tarayyar Turai suna da doka tun 1994 da ta ƙayyade yawan nikel ɗin da kayan ado za su iya saki, kuma sun fi tsananta wa abin da ake sawa cikin huji, amma kayan da aka zubo a sinƙi babu sunan kamfani ba ki da hanyar sanin ko sun bi wannan ƙa'idar.

Gwal shi ne mutanenmu suka fi yarda da shi, kuma suna da hujja, zinare tsantsa ba ya haɗa hanya da wannan matsalar. Sai dai yawancin gwal ɗin ado ba tsantsa ba ne, sai an gauraya shi da wasu ƙarafa don ya yi ƙwari, a nan karat yake da amfani. Ki juya bayan kayan ki duba hatimi, 916 shi ne karat 22, 875 karat 21, 750 karat 18, 585 karat 14. Bari mu yi lissafi da ɗan kunne mai giram 4. In karat 21 ne, giram 3 da rabi zinare ne, rabin giram kacal ne gauraye, kuma a gwal mai ruwan ɗorawa gaurayen nan yawanci azurfa ce da tagulla. In karat 18 ne gauraye ya zama giram 1 cif, ya ninka kenan. In 14 ne ya haura giram 1 da rabi. To ga mai fata irin wannan ni 21 ko 22 nake cewa a nema, 18 mai ruwan ɗorawa ma yawanci yana zama lafiya. Wanda za ki yi hattara da shi shi ne farin gwal, don abin da ake sawa ya mayar da zinare fari ko dai nikel ne ko faladiyom, sannan a lulluɓe shi da rodiyom. Rodiyom ɗin na koɗewa a hankali, in na nikel ne sai ki ga zoben da aka kashe maƙudan kuɗi a kansa ya fara cin yatsa. Tsada ba ta hana shi. Ki tambaya da me aka haɗa shi, in mai shago ya fara kame-kame ki koma kan mai ruwan ɗorawa.

Kuma hatimi ana bugawa na ƙarya fa, don haka gwal dai a saya wajen wanda zai auna a gabanki, ya gwada, ya ba ki rasit, kuma ya yarda zai karɓa in kin dawo sayarwa.

Azurfa ta gaske mai 925 tana da kyau ga yawancin mutane, kaso 92.5 azurfa ce sauran galibi tagulla, tana yin baƙi in ta jima amma gogewa ake yi. Wannan ya shafi maza sosai tunda su azurfa suke sawa ba zinare ba. Tarkon da ke nan shi ne abin da ake kira German silver, wallahi ko ɗigon azurfa babu a cikinsa, tagulla ce da zink da nikel, fari tas, a ido ba za ka raba su ba. Zobe mai arhar da ta wuce hankali da aka ce maka azurfa ce, ka yi tunani sau biyu.

Sitenles kuma tsaka-tsaki ne. Mai lamba 316L, wanda ake cewa irin na aikin tiyata, akwai nikel a cikinsa kaso 10 zuwa 14, sai dai a ɗaure yake ba ya sakinsa da yawa, shi ya sa mutane da dama suke sawa lafiya. Sarƙa ko awarwaro a kan lafiyayyar fata zan iya cewa ki gwada. A sabon huji ko kunnen da ya taɓa yin ruwa kuwa ni ban ba da shawara ba, ballantana ba duk abin da aka ce sitenles ne yake 316L ɗin ba.

Wanda ya fi duka kwanciyar hankali kuma bai kai gwal tsada ba shi ne titaniyom, irin wanda likitoci ke sawa a ƙashi. Ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, in za ki yi oda ki nemi wanda aka rubuta ASTM F136. Aibinsa ɗaya, ba kasafai ake samunsa a tebur ba sai an nema, kuma yawanci ƙanana ne marasa hayaniya, ba irin na shiga taro ba. Filatinom ma lafiya lau ne amma kuɗinsa ba na kowa ba ne, mu wuce.

To a ce amarya ce ake haɗa wa lefe kuma an san kunnenta ba ya son fashon. Abin da aka saba shi ne a cika kit da seti shida ko bakwai na GL kowane leshi da nasa, a ƙarshe ƙannenta ne za su more. Ni da za a bi tawa, a rage setin zuwa biyu, kuɗin da ya ragu a ƙara a sayi ƙaramin ɗan kunne na karat 21 ko da giram ɗaya da 'yan kai ne, ko titaniyom in aljihu bai kai ba, wannan shi ne na kullum da za ta kwana da shi ta tashi da shi. Manyan na biki kuma a kai wa maƙerin gwal ya cire sandar ya sa ta azurfa ko gwal in zai yiwu, ko a shafa wa sandar da bayan sarƙar jan farce mara kala a bari ya bushe. Dabarar jan farcen ta awanni ce kawai, yana ɓarewa, sai an sake kafin kowace fita, kuma kar a sa shi a kunnen da ke da ciwo. Turare a fesa tun kafin a sa sarƙa, ana dawowa gida a cire a wanke wuya.

Sai maganar jarirai, don a nan ake shuka abin tun farko. Huda kunne na daga cikin manyan hanyoyin da jiki ke fara kama wannan alajin, saboda ƙarfen yana zaune cikin ɗanyen rauni sati da sati. Yarinya 'yar kwana bakwai a huda mata a zura ɗan kunnen da ba a san asalinsa ba, in akwai inda ya kamata a kashe kuɗin gwal mai karat sama ko titaniyom to nan ne, har hujin ya warke sarai.

Masu son tabbatarwa a kan kayan da ke cikin akwati, akwai ruwan gwaji da ake sayarwa, ki nemi dimethylglyoxime, ana ɗiga shi a auduga a goga a jikin ƙarfen kamar rabin minti, in audugar ta koma ruwan hoda to yana sakin nikel. Sandar za ki goga da maƙali, ba fuskar ado ba. Maganaɗisu kuwa ba ya raba wannan gardamar, zai iya tona wani gwal ɗin bogi amma rashin kamawa ba ya nufin babu nikel.

In kunnen ya riga ya tashi, a cire komai a bar shi ya huta, kar a bi shi da sifirit ko man zafi, ƙara ƙona shi suke yi. Man haidirokotizon na kaso 1 yana kwantar da ƙaiƙayin cikin 'yan kwanaki in fatar ba ta fashe ba, amma ki rabu da mayukan nan masu haɗi uku da ake miƙowa a kemis, sitiroyid ɗin cikinsu da ƙarfi yake kuma yana sirantar da fata. In ya wuce sati biyu ko yana yawan dawowa, ki ga likitan fata, akwai gwajin da ake manna wasu ƙananan filasta a baya a bar su awa 48, a cire a duba, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu, shi zai nuna ko nikel ne ko kuwa wani ƙarfen ne kamar kobal ko ma turaren da kike fesawa a wuya.